Wasiƙar neman gyara: ta yaya zan sa Yaya ya faɗa min gaskiya kan sabon tambarin nan?

Ƙanin Kowa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai wasiƙar da zan tura wa Yayanmu na ofis, wanda shi ke duba aiki kafin ya fita. Aikin sauya tambari ne da takardar jikin gora na wani kamfanin yogot a nan Kaduna. Ba zan faɗi suna ba, ba kuma zan saka hoton a nan ba, tunda abin bai fito ba. Ranar Alhamis za a nuna wa mai kamfanin. Ga abin da na rubuta:

"Yaya, barka da aiki. Na kammala sabon tambarin da sabuwar takardar gora. Na yi ƙoƙarin ya zama na zamani, mai sauƙi, mai jan hankalin matasa. Don Allah in ka samu lokaci ka duba min, ka faɗa min gaskiya ko ya yi, kada ka ji nauyina. Duk gyaran da ka ga ya dace a shirye nake. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Na haɗa da hotuna 3 na gorar da na ɗora wa zanen a kwamfuta. Tsohon zanen: takarda kore, saniya da ƙwarya a tsakiya, sunan da jan rubutu mai kauri, murfi kore. Sabon: launi shuɗi mai narkewa zuwa shunayya, na cire saniyar, na mai da harafin farko na sunan ɗigon madara, rubutun fari siriri, a ƙasa kuma taken "ɗanɗanon gida". Wasiƙar ta yi, ko akwai abin da zan ƙara?

Sabon Shiga:
Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, daga bayanin ma ya yi kyau. Nawa kuka caje su? Ni ma akwai mai zoɓo da ke son tambari, ban san nawa zan ce mata ba.

Mai Kula da Zaure:
Sabon Shiga, maganar farashi ka buɗe mata tata tambayar daban. A nan wasiƙa ake dubawa.

Baba Mai Tambari:
Wa alaikumus salam. Yarona, ka ga amsar da Sabon Shiga ya ba ka? "Ma sha Allah, ya yi kyau." To ita wasiƙarka za ta samo maka daga wurin Yayan naka, sai dai shi zai ƙara da "ɗan ƙara girman rubutun". Ba don yana ɓoye maka gaskiya ba. Tambayar da ka yi masa ce ba ta da amsar da ta wuce haka.

Ka ce ya faɗa maka ko ya yi. Ya yi me? Babu inda wasiƙar ta faɗi dalilin da ya sa mai kamfanin ke son sauya tambarin. Mutum ba ya tashi haka kawai ya zubar da zanen da kwastomominsa suka saba da shi, ya biya kuɗin sabon bugu. Akwai abin da ya dame shi. In mai dubawa bai san wannan abin ba, ba shi da ma'auni sai son ransa: yana son shunayya ko ba ya so. Kuma babba mai kunya ba zai karya gwiwar ƙaninsa a kan son rai ba, sai ya yaba ya wuce.

"Na zamani, mai sauƙi, mai jan hankalin matasa" kuma ka goge su duka. Babu mai zanen da zai ce nasa na da ne, mai wahala, mai korar matasa.

Fara gaya mana: me mai kamfanin ya ce da bakinsa?

Ƙanin Kowa:
Baba, abu biyu ya faɗa. Na farko, wasu ƙananan masu yogot sun fara yin takarda kore da saniya irin tasa, har masu shago na sayar da nasu a matsayin nasa. Na biyu, yana son kayansa su shiga manyan kantuna na Barnawa da Unguwar Rimi, daga baya Abuja, kuma yana ganin tsohon zanen ya yi kama da na talla a tasha. Amma har yanzu yawancin cinikinsa a firjin ƙananan shaguna ne, Tudun Wada, Rigasa, Kawo, da yara masu yawo da kula.

Baba Mai Tambari:
Yauwa. Wannan da ka rubuta yanzu shi ne sakin layi na farko na wasiƙarka, kusan kalma da kalma. Kuma da ka rubuta shi, kai da kanka za ka ga inda gizo ke saƙar. Buƙatun nan biyu suna jan zanen ta fuska biyu. Don a rabu da masu kwaikwayo da kuma shiga babban kanti, dole zanen ya sauya sosai. Don kada a rasa mai sayen Rigasa, dole wani abu ya tsaya yadda yake. Kai kuma ka sauya launi, ka cire saniya, ka sauya salon rubutu da launinsa, duk a lokaci ɗaya. Me ya rage da yarinyar da aka aika shago za ta gane?

Ka tuna yadda ake aike a gidajenmu. Ba kowa ke kiran sunan kamfani ba. "Jeki ki sayo mai koren murfi, mai saniya." In ta buɗe firji ta ga shunayya babu saniya, a gefe kuma ga na masu kwaikwayo kore da saniya, wanne za ta ɗauko? Ka miƙa wa ɓarayin zanen kwastomomin kenan a faranti.

Ban ce lallai zanenka kuskure ne ba, ban gan shi ba. Cewa nake wannan ita ce tambayar da ya kamata ka aza a gaban Yayan naka ƙarara, ba ka jira ya tono ta da kansa ba.

Ɗan Rigasa:
Baba, da girmamawa, ni ina ganin tsoron sauyi ne ke hana kayanmu na Arewa fitowa fes. Dubi MTN. A 2022 suka sauƙaƙa tambarinsu, suka cire tarkace, babu wanda ya daina sayen kati. Duniya yanzu ta koma zane mara hayaniya. Shawarata ga ɗan'uwa: ya yi zane 3 mabambanta ya tura wa oga ya zaɓa, ya tabbata komai yana CMYK, wato launukan tawadar bugu huɗu, da 300 dpi, ma'aunin kaifin hoto, shi ke nan.

Baba Mai Tambari:
Misalin naka nawa yake goya wa baya, Ɗan Rigasa. MTN sun sauya zanen amma ruwan ɗorawar nan sun taɓa shi? Da shi ake gane su daga nesa, suka bar shi. Kuma su suna da kuɗin cika alluna da rediyo su sanar da jama'a. Mai yogot ɗinmu gorar ce kaɗai tallarsa.

Ga misalin da ya fi kusa da mu, tunda abin sha ne a firji. A farkon 2009 kamfanin Tropicana a Amurka ya sauya kwalin ruwan lemonsa, ya cire hoton lemon nan da aka soka wa tsinken zuƙa, ya sa kofin ruwan lemo da rubutu siriri. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100, cikin 'yan makonni suka sanar za su koma tsohon kwalin. Ruwan lemon bai sauya ba. Mutane ne suka daina ganin abin da idonsu ke nema a kan kanta.

Batun zane 3 kuma, ya danganta. In ukun amsoshi ne daban-daban ga tambaya ɗaya, misali ɗaya ya riƙe kore ya cire saniya, ɗaya ya riƙe saniya ya sauya launi, ɗaya ya sauya duka, to wannan yana da amfani, don ana kwatanta shawara da shawara. In kuwa zane ɗaya ne aka sauya masa launi sau 3, ka mai da babban naka mai zaɓen atamfa, zai nuna wadda ta burge shi, ba ka koyi komai ba.

Ɗan Rigasa:
Na yarda da na launin. Amma saniyar nan dai kowa na da ita, shi ya sa ma aka iya kwaikwaya. Ɗigon madarar da ya fito daga harafin sunan ya fi wahalar sata.

Anti Mai Maɗaba'a:
Bari in shigo ta ɓangarenmu na masu bugawa, don "CMYK da 300 dpi shi ke nan" ɗin nan ne ke sa aiki ya dawo mana ana faɗa. Dpi maganar hoto ce. Tambari da rubutu bai kamata su zama hoto ba tun farko, zanen layi za a yi su a CorelDRAW ko Illustrator yadda za a faɗaɗa su daga sitika zuwa allo ba su fashe ba.

Ƙanina, abu uku a bayaninka sun tsaya min, kuma duka ukun ba za su bayyana a hotunan kwamfutar da ka haɗa ba.

Shunayya dai tawada biyu ce ke haɗa ta, C mai shuɗi-shuɗi da M mai ja-ja. In ɗaya ta ɗan rinjayi ɗaya a kan inji, yau ka samu mai kama da shuɗi, bugu na gaba ka samu mai ja-ja. Kamfanin da ke kukan ana kwaikwayonsa, in gorarsa ta wannan wata ba ta yi kala ɗaya da ta watan jiya ba, shi da kansa zai yi kama da na jabu. Kuma shuɗi mai hasken nan da kake gani a fuskar kwamfuta, tawada ba ta iya fitar da shi, dushewa yake.

Launi mai narkewa kuma ya danganta da injin. In bugun dijital ne na 'yan ɗaruruwa, zai fito lafiya. In suna buga dubbai a nadi da injin filekso, wurin da launin ke ƙarewa zuwa babu ba ya narkewa sumul, don ɗigon tawada yana da iyakar ƙanƙantar da farantin bugun zai iya riƙewa. Sai ka ga layi ya yanke a inda kake son laushi. Ka tambayi mai kamfanin wa ke buga masa kuma da wane inji, ka rubuta amsar a wasiƙar.

Na ukun ya fi damuna: farin rubutu siriri a kan launi mai tawada biyu. Farin nan ba tawada ba ce, rami ne aka bari a cikin kowace tawada, kuma dole ramukan biyu su faɗa wuri ɗaya. Inji na iya gocewa da kamar milimita 0.1 zuwa 0.2, wannan ba laifi ba ne a wurinmu. To siririn harafi mai girman 6 pt a ma'aunin girman rubutu, kaurin sandarsa bai wuce hakan ba. Sai ka ga gefe ɗaya shuɗi, gefe ɗaya ja, tsakiya ya cushe. In dole sai fari a kan launi, rubutun ya zama mai kauri, kada ya gaza 7 ko 8 pt, kuma ya fi kyau launin ƙasan ya zama tawada ɗaya.

Ƙanin Kowa:
Anti, jerin kayan haɗi da adireshi 5 pt na sa su, don takardar tsayinta santimita 6 ne kawai, zagayenta 21. Gorar 50 cl ce, akwai kuma ta 35.

Anti Mai Maɗaba'a:
To ka gani. Kuma cikin 21 ɗin nan, abin da ido ke gani in gora na tsaye a firji bai wuce santimita 7 ba, saura ya zagaya baya. Tambarin da sunan dole su zauna cikin 7 ɗin. A shimfiɗe a kwamfuta za ka ga fili fal, ka baje suna, a kan gora kuma harafin farko da na ƙarshe su ɓuya. Kai da harafin farkon ne ma ɗigon madarar.

Abin da za ka yi kafin ka tura wasiƙar, ba zai ci maka awa biyu ba. Ka fitar da PDF, wajen bugawa ka zaɓi Actual size, ba Fit to page ba, ka auna da rula ka tabbata 6 da 21 ne. Ka yanke, ka naɗe a jikin gorar gaske da yogot a ciki da murfinta, ka liƙe da salatif. Ka roƙi mai shagon unguwarku ya bar ka ka sa ta a firjinsa tsakanin sauran, har da na masu kwaikwayon in akwai. Ka rufe ƙofar gilashin, ka ja baya taku 3, ka ɗauki hoto da waya. Gilashin zai yi raɓa, fitilar firjin za ta sauya launin, wataƙila ma babu wuta sai hasken bakin ƙofa. Wannan hoton shi ne gaskiyar zanenka. Shi za ka sa a gaba a wasiƙar, ka ajiye gorar kanta a teburin Yayan naka.

Ka buga wata kuma baƙi da fari. Shuɗi da shunayya in an cire musu launi kusan toka ɗaya suke komawa, sai ka ga ko ɗigon yana nan ko ya ɓace. Tambarin zai hau rasit, hatimi, da katan mai bugun launi ɗaya, a can babu narkewa.

Mai Allon Kawo:
Ni dai roƙona a riƙa tuna mu masu fenti. Tambarin da ke da launi mai narkewa in aka kawo a zana a bangon shago ko a jikin mota, sai an yi feshi, kuma ba zai yi daidai da na takarda ba. Na masu ruwan leda da nake yi duk launi biyu ne tsayayyu, shi ya sa ko yarona ya iya fitar da su. Sannan jan fenti da shunayya rana na cinye su da wuri a bangon da ke kallon yamma.

Ɗan Rigasa:
Yanzu wa ke fenti, Malam? Banner ake bugawa a manna.

Mai Allon Kawo:
Ka zagaya Kasuwar Barci ka ƙirga.

Baba Mai Tambari:
Ku bar wannan. Yarona, wata tambaya: murfin fa? Ka ce tsohon kore ne. A hotunanka wane launi ka sa?

Ƙanin Kowa:
Fari na sa. Amma manajansu ya ce suna da korayen murafe a sito da za su kai wata 4.

Baba Mai Tambari:
To hotunanka suna nuna gorar da ba za ta wanzu ba sai bayan wata 4. Abin da zai fita kasuwa shi ne koren murfi a kan takarda shunayya. Wannan dole ya shiga wasiƙar. Kuma kada ka ɗauke shi matsala kawai. A cikin kula, inda gorori ke tsaye cikin ƙanƙara, murfi kaɗai ake gani daga sama. Wataƙila koren murfin nan shi ne abin da ya kamata a gina sabon zanen a kansa.

Yanzu ga yadda ake tsara irin wannan wasiƙa. Bayan gaisuwa, dalilin mai kamfani. Sai abin da ba ya sauyuwa: girman takarda, inji, murfi, ranar nunawa. Sai shawarwarin da ka yanke, kowacce da dalilinta a jimla ɗaya, don mai dubawa ya iya cewa "dalilin nan bai tsaya ba" maimakon "ba na so". Sai tambayoyi, kada su wuce 3, ka jera su daga wadda in amsarta ta zo a'a sai an rushe aikin, zuwa ƙarama. Wannan jerin yana da muhimmanci. In ka bar shi ya fara da tazarar haruffa, zai ƙare lokacinsa a can, babbar maganar ba a taɓa ta ba.

Sannan ka faɗi inda kai kanka kake shakka. Wannan ne ke cire nauyin da "kada ka ji nauyina" ba ya cirewa. In ka ce "ina tsoron cire saniyar ya yi yawa", ka riga ka buɗe ƙofar, shi shiga kawai zai yi. Ka kuma gaya masa matakin da aikin yake da lokacin da ya rage. Kalmar "na kammala" da ka fara da ita tana ce masa a makare ya zo, sai ya taƙaita ga gyaran da za a iya yi cikin minti 10.

Anti Mai Maɗaba'a:
Ƙarin abu ɗaya, taken nan naka. "Ɗanɗanon gida" yana da ɗ biyu. Ka zuƙo shi sosai ka duba: yawancin salon rubutun da ake saukewa kyauta ba su da ƙ, ɗ, ɓ, sai kwamfuta ta aro daga wani salon ba ta gaya maka ba. Za ka ga harafin ya fi 'yan'uwansa kauri ko ya ɗan yi tsalle daga layi. A wata kwamfutar kuma akwati zai fito. Noto Sans da Andika suna da su, manya da ƙanana. In kana son salon da ka zaɓa dole, sai ka zana ƙugiyar da hannu ta dace da kaurin sauran. Kafin fayil ya zo mana ka mai da rubutu zane, a CorelDRAW Ctrl+Q ne, amma ka ajiye kwafin da ba a mayar ba saboda gyara.

Kuma ka bar wa lambar NAFDAC, lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa farin fili. Injin da ke buga kwanan wata baƙar tawada yake fesawa, a kan shunayya ba za a karanta ba. Sauya takardar kayan da ke da rajista ma ba a yin sa a ɓoye wa hukumar, ka tuna wa mai kamfanin ya bi ta kansu kafin a buga dubbai.

Ƙanin Kowa:
Na gode ƙwarai. Na je shago da gorar, na kuma kira manajan. Ga sabuwar wasiƙar:

"Yaya, barka da aiki. Ina neman ka duba min aikin kamfanin yogot kafin Alhamis. Har yanzu a matakin shawara yake, in ta kama a rushe akwai kwana 3.

Mai kamfanin na son sauyi saboda abu biyu: masu kwaikwayo sun ɗauki kore da saniya, kuma yana son shiga manyan kantuna. Amma mafi yawan cinikinsa a firjin ƙananan shaguna da kula ne.

Abin da ba zai sauya ba: takarda santimita 6 da 21, gora 50 da 35 cl, bugun filekso a kan leda mai manne, da koren murfi na aƙalla wata 4.

Abin da na yanke: na bar kore na koma shuɗi da shunayya don a bambanta da masu kwaikwayo. Na cire saniya don kowa na da ita, na sa ɗigon madara a harafin farko. Na sa siririn rubutu don ya dace da babban kanti.

Na ajiye maka gorar a tebur, da tsohuwar a gefenta. Hoto na 1 a firjin shago ne daga taku 3, na 2 baƙi da fari, na 3 daga saman kula.

Tambayoyina, daga babba: Shin wanda ya saba saye zai gane kamfani ɗaya ne? Ni ina shakka, don a hoto na 1 idona ma na masu kwaikwayon ya fara kamawa. In dole a riƙe abu ɗaya daga tsohon, kore ko saniya, wanne za ka riƙe, kuma me ya sa? Sannan ɗigon madarar yana karantuwa a matsayin harafi, ko sunan ya rasa farkonsa?

Siririn rubutu da launi mai narkewa na riga na san sai na gyara su saboda inji, kada ka ɓata lokaci a kansu. In za ka iya ba ni minti 20 gobe bayan Azahar, zan zo da takarda in rubuta. Allah ya ƙara girma."

Baba Mai Tambari:
Wannan wasiƙa ce. Gyara ɗaya: tambayarka ta uku ka riga ka ba shi amsa a ciki. Da ka ce ɗigo ne kuma harafi ne, ba zai iya daina ganin haka ba. Wannan gwajin ba na Yaya ba ne. Ka nuna gorar ga mutum 5 da ba su san aikin ba, mai shago, mai keke, wata uwa, ka ce su karanta sunan da ƙarfi, kada ka yi bayani. Ka rubuta abin da kowa ya faɗa, ka sa a wasiƙar a matsayin sakamako.

In kun zauna kuma, kada ka kare aikin. Ya faɗi abu, ka tambaye shi "me ka gani da ya sa ka ce haka?" In ya ce "ka mai da shi ja", ka nemi ciwon da yake son magancewa da jan, wataƙila sunan ne bai fito ba, kuma akwai hanyar da ta fi ja.

Ɗan Rigasa:
Ni ban yarda a ajiye tsohuwar gora a gefe ba. Duk wanda ya ga tsoho da sabo tare, sabawa za ta ja shi ga tsohon. Kuma har yanzu ina nan kan bakana: in aka riƙe kore da saniya an riƙe abin da ɓarayin suka sata, gobe su sake bi.

Anti Mai Maɗaba'a:
Duk abin da aka zana za su iya bi, ƙanina, shunayya ma tawada ce. Abin da ke ba mai kamfani bakin magana shi ne rajistar alamar kasuwanci a ofishinta na Abuja, kayan madara a aji na 29 suke. Rajistar CAC sunan kasuwanci take rufewa, ba zanen ba. Kuma saniyar da aka sauko da ita daga intanet kowa na iya saukewa. In za a riƙe ta, a zana tasu ta kansu, farar saniyarmu mai tozo da dogon ƙaho, a yanayin da ba na kowa ba.

Baba Mai Tambari:
A kan saniyar ni da Ɗan Rigasa ba mu nesa sosai, zan iya sakinta. Koren ne ba zan saki ba, saboda murfin da kular. Tsohuwar gora kuma a bar ta a teburin, don mai saye da tsohon a kansa yake zuwa shago. Amma ban ga zanen ba, Yayansa ne zai gani.

Ɗan Rigasa:
To a kai gorar babban kanti ma a ɗauki hoto a kan kanta, ba firjin unguwa kaɗai ba. Rabin buƙatar mai kamfanin can take, kuma duk gwajin da kuka ba shi na Rigasa ne.

Baba Mai Tambari:
Wannan gaskiya ne. Yarona, ka ƙara hoto na 4, amma ka nemi izinin manajan kantin kafin ka ɗaga waya.

Ƙanin Kowa:
To Baba. Da safe zan biya Barnawa, in yi gwajin karanta sunan a hanya, sannan in tura. Anti, takardar gora 35 ɗin tsayinta santimita 5 ne, in rage komai daidai gwargwado ko in sake jera ta daban?

Anti Mai Maɗaba'a:
Sake jerawa. In ka rage duka, 7 pt ɗinka zai koma ƙasa da 6, mun dawo inda muka fara. Tambarin ne zai ragu, ƙananan rubutun su tsaya yadda suke, taken kuma in bai samu wuri ba a cire shi daga ƙaramar.